Yadda Ake Neman Shaidar Tsohon Mai Gida ko Tsohon Wurin Aiki Idan Za a Kama Haya a Ingila

A Ingila kuɗi a hannu ba ya isa a miƙa maka makullin gida. Idan ka ga gida ya kwanta maka, dillali zai tura sunanka ga kamfanin tantance masu haya, irin su HomeLet ko Goodlord, su kuma su tuntuɓi waɗanda suka taɓa mu'amala da kai: wanda ka zauna a gidansa, da wanda ka yi wa aiki. Na daɗe ina taya 'yan'uwa masu zuwa karatu ko aikin jinya cike waɗannan takardu, kuma abin da na gani shi ne, da wuya tsohon mai gida ya ɓata mutum da gangan. Abu biyu ne suka fi hana mutane gida. Ko dai wanda aka rubuta sunansa ya yi shiru har lokaci ya ƙure, ko kuma abin da ya faɗa ya saɓa da abin da kai ka rubuta a fom. Duka biyun ana magance su tun kafin a je ganin gida. Dokokin da zan ambata na Ingila ne kaɗai, domin Sikotilan da Wales kowace da nata tsarin.

Abin da za ka tanada tun farko

Ka buɗe jaka guda a wayarka ko kwamfutarka, ka zuba waɗannan a ciki:

- Adireshin duk inda ka zauna a shekara 3 da suka wuce, da watan shiga da watan fita. Yawancin fom ɗin haka yake tambaya, ko da wasu shekarun a Kaduna ko Maraɗi ka yi su.
- Tsohuwar yarjejeniyar haya, domin a nan ainihin sunan mai gida da ranar shiga da kuɗin haya suke.
- Bayanin asusun banki da ke nuna fitar kuɗin haya duk wata, na wata 6 zuwa 12.
- Takardar da ke nuna an adana kuɗin ajiyarka, wato kuɗin jingina da ka bayar lokacin shiga gidan, a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, wato DPS ko TDS ko mydeposits, da saƙon da ya nuna nawa aka mayar maka.
- Takardun albashi na wata 3 na ƙarshe, da P45, wato takardar haraji da aka ba ka da ka bar aiki, da P60, wato takardar jimillar albashi da harajinka na shekara, idan kana da ita.
- Wasiƙar ɗaukar sabon aiki, wadda ke ɗauke da albashi da ranar farawa.
- Cikakken suna, imel da lambar waya na kowane mai shaida.

Ba lallai a nemi dukkansu ba. Amfaninsu shi ne ka cike fom daga takarda, ba daga ka ba, kuma idan mai shaida ya ƙi amsawa, su ne za su tsaya a madadinsa.

1. Ka san abin da ake nema a bakin kowa

Tsohon mai gida ana yi masa tambayoyi kaɗan ne, kusan iri ɗaya a ko'ina: yaushe ka shiga, yaushe ka fita ko za ka fita, nawa kake biya, shin kana biya a kan lokaci, akwai bashi a kanka, ya ka riƙe gidan, sannan tambaya ta ƙarshe wadda ta fi nauyi, ko zai sake ba ka haya idan ka dawo.

Wurin aiki kuwa, a nan mutane suke ruɗewa. Abin da sabon mai gida yake son sani shi ne ko za ka iya biya daga yau zuwa gaba, kuma wannan tsohon wurin aiki ba zai iya tabbatar da shi ba, tunda ba shi ke biyanka yanzu ba. Ma'aunin da yawancin kamfanonin tantancewa ke amfani da shi shi ne albashinka na shekara ya kai kuɗin hayar wata sau 30. Gidan £900 a wata yana buƙatar albashin £27,000 a shekara kafin a cire haraji. Wannan lissafi da sabon aikinka za a yi shi.

To mene ne amfanin tsohon wurin aiki? Yana da amfani idan ba ka daɗe da fara sabon aiki ba, ko kana cikin watannin gwaji, ko ba ka taɓa kama haya da sunanka ba. A irin wannan hali, wasiƙar da ta ce ka yi shekara biyu a wuri ɗaya ba tare da yankewa ba tana nuna kai mutum ne mai zama a aiki, tana cike giɓin da sabon aikin ya bari. Kada ka rubuta tsohon wurin aiki a gurbin da aka ce na yanzu don kawai albashinsa ya fi ko manajan ya fi saninka. Tambaya ɗaya za a yi, a ce musu ka bar aiki tun watan jiya, shi ke nan ka zama mai ba da bayanin ƙarya.

2. Ka zaɓi mutumin da ya dace

Duba yarjejeniyar hayarka ka ga wa kake tura wa kuɗi. Idan kamfanin dillanci ne ke karɓa kuma shi ke kula da gidan, shi za ka rubuta, ba mai gidan da ba ka taɓa gani ba, domin littafin biyan kuɗi yana hannunsu. Idan mai gida ne da kansa, ka rubuta sunansa kamar yadda yake a yarjejeniya, ba sunan da kuke kiransa da shi ba. Wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ofishin masauki na jami'a ne mai gidansa, kuma sun saba da irin wannan buƙata.

A wurin aiki, ka fara tambayar tsohon manajanka ko an yarda ya ba da shaida da kansa. A manyan wurare, kamar asibitocin gwamnati na NHS, sau da yawa sashen kula da ma'aikata ne kaɗai ke amsawa, kuma iyakar abin da suke rubutawa shi ne muƙaminka da ranar farawa da ranar barin aiki. Kada wannan ya ɓata maka rai, ba raini ba ne, kuma abin da mai tantancewa ke so ke nan. A ƙaramin wuri, kamar shago ko gidan kula da tsofaffi mai reshe ɗaya, manaja ko mai wurin ne zai amsa.

Abu guda da nake nanatawa: ka nemi imel na wurin aiki, mai ɗauke da sunan kamfani bayan alamar @. Shaidar aiki da ta fito daga Gmail ko Yahoo ana yi mata kallon tuhuma, wasu kamfanonin ma ba sa karɓa sai da ƙarin hujja. Idan manajanka shi ma ya bar wurin, kada ka ba da imel ɗinsa na gida, ka koma sashen ma'aikata.

3. Ka nemi izini kafin ka rubuta sunan kowa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Doka ba ta tilasta wa mai gida ya yi maka shaida ba, haka ma yawancin wuraren aiki. Alfarma kake nema, kuma wanda ya ga imel daga kamfanin da bai sani ba, ana tambayarsa sirrin wani, yakan share ne kawai, ko ya ɗauka 'yan damfara ne. Shi ya sa za ka tuntuɓe su tun kana duba gidaje, mako biyu ko uku kafin ka biya ko kwabo.

Ga Bature mai gida ko ofis, gajeren imel ya wadatar, kuma ya ƙunshi abu biyar: cikakken sunanka, adireshin gidan ko lambarka ta ma'aikaci, watannin da ka zauna ko ka yi aiki, roƙon ko zai amsa tambayoyin kamfanin tantancewa idan sun zo, da kuma jimla ɗaya da ke cewa ka amince ya ba da bayaninka don wannan buƙata. Jimlar ƙarshen nan kada ka manta da ita. Saboda dokar kare bayanan mutane, ofisoshi da yawa ba za su faɗi ko kalma ɗaya a kanka ba sai sun ga amincewarka a rubuce, kuma jiran wannan kaɗai yana iya cin kwana uku.

Idan tsohon mai gidanka yana gida Najeriya ko Nijar, imel ba shi ne farko ba. Ka kira shi, ku gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali, sannan ka shigo da magana. Bayan kun gama ka bi da saƙo a WhatsApp, mai kama da wannan:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka. Kamar yadda na yi maka bayani ɗazu, ina neman gidan haya a nan, kuma al'adarsu sai sun ji ta bakin wanda na zauna a gidansa. Za su aiko da tambayoyi ta imel, ba su da yawa, kuma ba kuɗi ko lamuni suke nema a wurinka ba. Abin da na rubuta musu shi ne na shiga gidanka a watan Maris 2021, na fita a watan Agusta 2023, ina biyan shekara-shekara. Idan akwai inda na yi kuskure, don Allah a gyara mini. Wane imel zan ba su, naka ko na lauyan da ke karɓar haya? Allah ya ƙara girma."

Ka lura da maganar lamuni a cikin saƙon. Dattawanmu da yawa idan suka ji an ce a tsaya wa wani, abin da ke zuwa musu shi ne za a kama su idan ya gudu da bashi. Shaida daban, tsayawa lamuni daban. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani ne a kan abin da ya wuce, ba ya sa hannu a kan biyan komai. Idan ba ka warware wannan ba, za a amsa maka da "to, ba damuwa", sannan imel ya zo a ƙi buɗe shi.

Idan Alhaji ba mai amfani da imel ba ne, ka roƙi ya wakilta lauyansa ko dillalin da ke kula da gidajensa, su rubuta wasiƙa a takarda mai kan ofis, da hatimi da lambar waya. Ka haɗa da rasit ɗin biyan shekara. Ka kuma sani wasu kamfanonin tantancewa ba sa bin shaidar ƙasar waje ko kaɗan, don haka ka tambayi dillali tun kafin ka wahalar da dattijo.

4. Ku daidaita bayani, ku taɓo inda ke ciwo

Da zarar mutum ya amince, ka tura masa ainihin abin da za ka rubuta: ranar shiga, ranar fita, kuɗin wata. Ba koya masa abin faɗa kake yi ba, tuna masa kake, domin mai gidaje goma ba zai riƙe watan da ka shiga ba. Inda aka fi samun saɓani shi ne hayar haɗaka. Ku uku kuka kama gida £1,500, kai kana biyan £500, ka rubuta £500, mai gida ya rubuta £1,500. Babu wanda ya yi ƙarya, amma fayil ɗin zai tsaya sai an yi bincike. Ka rubuta kuɗin da ke cikin yarjejeniya, sannan ka yi bayanin kasonka a gurbin ƙarin bayani. Haka ma idan an ƙara kuɗin haya a tsakiya, na ƙarshe ake rubutawa.

Sai magana mai nauyi. Idan ka taɓa makara da biya, ko an cire wani abu daga kuɗin ajiyarka, ka tambayi mai gidan kai tsaye abin da zai ce idan an tambaye shi. Mutane suna jin nauyin wannan tambaya, amma gara ka ji amsar a waya da ka ji ta daga dillali bayan gida ya kuɓuce. Kada ka roƙe shi ya ɓoye. Ka roƙe shi ya faɗi abin cikakke: sau ɗaya ne, kwana kaza ne, an biya. Idan akwai sauran bashi, ko £60 ne na gyaran kafet, ka biya kafin ka nemi shaida, ka karɓi saƙon da ke cewa babu komai a kanka. Sannan kai ma ka faɗa wa sabon dillali da bakinka kafin takarda ta iso. Makarar da mai haya ya bayyana da kansa tare da dalili, sau da yawa mai gida yakan wuce ta. Wadda aka tono bayan ya rubuta cewa bai taɓa makara ba, ita ce ke rusa komai.

Idan har yanzu kana cikin gidan, ka tuna neman shaida ba sanarwar tashi ba ce. Ka faɗa wa mai gida a sarari cewa dubawa kake yi, kuma za ka ba shi sanarwa a rubuce idan abu ya tabbata. Kada ka ba da sanarwar tashi sai an ce maka ka tsallake tantancewa, in ba haka ba kana iya wayar gari ba tsuntsu ba tarko.

5. Ka biya kafin alƙalami, ka fara ƙirga kwanaki

Dillali zai nemi kafin alƙalami don ya riƙe maka gidan. Dokar kuɗaɗen masu haya ta 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako ɗaya. Ga gidan £900, ana ninka £900 sau 12 a raba 52, ya ba da £207.69. Daga ranar da aka karɓa akwai kwana 15 a kammala yarjejeniya, sai dai idan kun amince a rubuce a kan wata rana daban. Kuɗin tantancewar kansa ba a kanka yake ba, dokar ta hana a caje ka.

Ga abin da ya sa na matsa a kan gaskiya. Idan ka ba da bayani daidai, amma mai gida ya ga bai gamsu ba ya fasa, dole a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 7. Amma ana iya riƙe shi idan ka ba da bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa wanda ya shafi shawarar ba ka gidan, ko ka janye da kanka, ko ba ka da izinin kama haya a ƙasar, ko ka ƙi yin abin da ya rataya a wuyanka har wa'adi ya cika. Idan za a riƙe, sai an rubuto maka dalili.

6. Ranar da ka cike fom, ka sanar da masu shaida

Kamfanin zai turo maka mahaɗi ka cike a waya. Ka kwafo imel ɗin masu shaida daga saƙonsu, kada ka rubuta da ka, domin harafi ɗaya ya kauce saƙon ya ɓace kuma babu mai gaya maka. Lambar Najeriya ka fara ta da +234, ta Nijar da +227, kuma a ta Najeriya ka cire sifirin farko.

Da ka danna aikawa, a ranar ka gaya wa kowane mai shaida sunan kamfanin da zai tuntuɓe shi, ka ce ya duba har cikin jakar `Spam` ko `Junk`, don saƙonnin nan na'ura ce ke aika su kuma can suke yawan faɗawa. Idan kwana biyu na aiki suka wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ka ambaci ranar da wa'adinka zai cika. Idan ofis ne, ka buga waya ka tambayi wanda ke riƙe da akwatin imel ɗin, ka samu sunansa. A lokaci guda ka rubuta wa dillali cewa ka bi sawu a rana kaza. Wannan rubutun shi ne hujjarka cewa jinkirin ba daga gare ka ba ne idan maganar kafin alƙalami ta taso.

Ka kula da kalanda. Ƙarshen wata sashen albashi a cushe yake, mako biyun Kirsimeti kusan komai a tsaye yake, mai shaida na gida kuma ranar Juma'a da rana ko makon Sallah ba lokacin jiran amsarsa ba ne.

Yadda abin yake a aikace

Mu ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara biyu a gidan kula da tsofaffi a Bradford, ta samu aikin asibiti a Leicester da albashin £29,000, ta fara mako uku da suka wuce tana kwana a wurin ƙawarta. Ta ga gidan £900. Albashinta ya haura £27,000, to lissafi ya yi, amma ba ta karɓi albashin sabon wuri ko sau ɗaya ba kuma tana cikin gwaji. A Bradford ɗaki ɗaya ta kama a gidan haɗaka tsawon shekara biyun nan, ta taɓa makara kwana 9 a watan da ta canza banki. Kafin nan a Kaduna take, a gidan iyayenta.

A gurbin aikin yanzu za ta rubuta asibitin, da imel ɗin sashen ma'aikata, ta ɗora wasiƙar ɗaukar aiki. Tsohon wurin aikinta zai shiga a matsayin ƙari: gajeriyar wasiƙa mai tabbatar da shekara biyu, tare da P45 da takardun albashi uku na ƙarshe, don a ga ba a samu yankewa tsakanin aikin biyu ba. Mai gidan Bradford za ta kira shi tun kafin ta biya £207.69, ta tuna masa makarar nan, ta tura masa shafin banki da ke nuna ranar da kuɗin ya shiga, ta kuma rubuta wa sabon dillali layi biyu a kan haka. Shekarar Kaduna kuwa za ta rubuta cewa tare da iyali take zaune, ba za ta mayar da mahaifinta mai gidan haya ba don ta ƙara yawan shaidu.

Abin da zai iya fitowa shi ne amincewa kai tsaye, ko amincewa bisa sharaɗin ta kawo mai tsaya mata saboda watannin gwaji. Idan na biyun ne, ma'aunin da aka saba shi ne albashin mai lamunin ya kai hayar wata sau 36, wato £32,400, kuma yawanci sai mazaunin Birtaniya. Shi ya sa yake da kyau ta fara maganar da wanda take tunani tun a makon farko. Kuɗin ajiya da za a nema a ƙarshe ba zai wuce hayar mako 5 ba, £1,038.46 ke nan, tunda hayar shekara ba ta kai £50,000 ba.

7. Idan shaida ta ƙi samuwa

Mai gida ya yi shiru, ko ya sayar da gidan, ko kun rabu baram-baram? Ka gaya wa dillali da wuri, ka miƙa abin da ke jakarka: yarjejeniya, bayanin banki na wata 12 mai nuna kuɗi iri ɗaya na fita a rana ɗaya zuwa suna ɗaya, da saƙon mayar da kuɗin ajiya. Idan an mayar maka da ajiyarka ba a cire komai ba, wannan ya amsa tambayar yadda ka riƙe gida fiye da kowace wasiƙa. Kamfanoni da yawa yanzu suna ba ka zaɓin haɗa asusun bankinka da shafinsu na ɗan lokaci, su ga albashi da haya da idonsu. Idan ka yarda da hakan, ka tabbata mahaɗin daga dillalin ya fito, kuma a shafi ko manhajar bankinka za ka amince, ba a akwatin wani ba.

Idan tsohon wurin aiki ya rufe, P45 da P60 suna nan, kuma asusunka a shafin hukumar haraji ta HMRC yana nuna wuraren da ka yi aiki da abin da aka biya ka. Idan a hannu kake ba mai gida kuɗi ba rasit, ko ka zauna a ɗakin wani ba takarda, ka faɗi haka yadda yake, ka roƙi wanda ka zauna a wurinsa ya rubuta wasiƙa mai kwanan wata, ka ƙarfafa ɓangaren aiki da na mai lamuni. Wanda ba shi da kowa, akwai kamfanonin da ke tsayawa lamuni a biya su, wasu jami'o'i ma suna yi wa ɗalibansu, sai dai ka tambayi dillali ko yana karɓar irin wannan kafin ka biya.

A da, hanyar da 'yan'uwa suka fi bi ita ce su biya hayar wata shida gaba ɗaya a rufe maganar shaida. Dokar haƙƙin masu haya ta 2025 ta taƙaita abin da mai gida zai nema a gaba zuwa wata ɗaya, don haka kada ka gina shirinka a kan wannan dabara.

Akwai hanyar da nake roƙonka kada ka bi, ko wa ya ba ka shawararta: ka sa aboki ya amsa waya a matsayin mai gida ko manaja. Masu tantancewa suna iya duba rajistar mallakar gidaje su ga ko sunan da ka bayar shi ne mai gidan, suna kuma duba ko kuɗi ya taɓa fita daga asusunka zuwa gare shi. Idan asiri ya tonu ka rasa gidan da kafin alƙalami. Idan bai tonu ba sai bayan ka shiga, samun haya ta hanyar bayanin ƙarya dalili ne da mai gida zai iya kai wa kotu don a tashe ka, kuma abokin naka ma ka jefa shi cikin laifin zamba.

Idan kuwa tsohon mai gida ya faɗi abin da ba gaskiya ba a kanka, ka rubuta wa kamfanin tantancewa ka nemi kwafin bayanan da suka riƙe a kanka, dokar kare bayanai ta ba ka wannan dama, sannan ka tura hujjar banki ka nemi a gyara. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta a kan irin wannan.

8. Bayan an amince

Ka aika wa kowane mai shaida godiya, ka gaya masa abu ya yiwu. Sai ka roƙi tsohon mai gida ko kamfanin dillancin su ba ka gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ko bugun littafin biyan hayarka daga shiga zuwa fita, ka adana a jakar nan tare da sabuwar yarjejeniya. A sabon gidan kuma ka saita bankinka ya riƙa tura haya da kansa, kwana ɗaya ko biyu bayan ranar albashi amma kafin ranar biya, ka rubuta adireshin gidan a gurbin bayanin tura kuɗi, yadda duk wanda ya buɗe bayanin asusun zai gane kuɗin me ne ba sai ya tambaya ba.